HTTPS kaɗai ba zai tsare maka shafin kasuwancinka ba

Ina yawan jin masu shago suna cewa ai shafinsu yana da HTTPS don haka babu abin da zai same shi. Wallahi wannan magana tana damuna. HTTPS hanya kawai yake tsarewa tsakanin wayar kwastoma da sabarka, wato kwamfutar da shafinka yake zaune a kanta, kada wani ya leƙa lambar kati a tsakani. Dole ne ka saka shi, tun Yuli 2018 Chrome yake rubuta "Not secure" a shafin da ba shi da shi, kuma Let's Encrypt kyauta suke bayarwa. Amma ɗan damfara ma yana samu kyauta, shi ya sa ko Chrome ɗin ya cire alamar kwaɗon a 2023, don mutane sun ɗauka shaidar amana ce.

Ɓarawo ta fulogin ɗin da aka manta ba a sabunta ba yake shigowa, wato 'yar manhajar da ake ƙara wa shafi. A farkon Satumba 2020 aka gano ɓaraka a File Manager, wani fulogin na manhajar haɗa shafi ta WordPress, wanda shafuka sama da 700,000 suke amfani da shi, aka fitar da gyara a siga ta 6.9, wanda bai sabunta ba kuwa ko kalmar sirrinsa ta kai tsawon hannu ba ruwan masu kutse da ita, fayil ɗinsu kawai suke cusawa.

To a ce kana sayar da atamfa da leshi, kwastoma ta kira ka ta ce shafin yana jefa ta wurin caca. Ka buɗe Users, jerin masu izinin shiga shafin, ka tarar da wani Administrator da ba ka sani ba. Sai ka kira yaron da ya haɗa maka shafin, ya ce kada ka damu akwai kwafin shafin na jiya. Nan ne matsalar, don mai yiwuwa sati biyu ke nan da shigarsu, kwafin jiya da cutar a cikinsa, ka mayar ka mayar da ɓarawon. Shi ya sa nake cewa a riƙe na kwana 30 aƙalla, fayiloli da ma'ajiyar bayanai duka, tunda oda da sunayen kwastomomi a can suke. In an mayar da mai tsabta a sabunta fulogin nan take, a canza kalmomin sirri, a kunna tantancewa mai mataki biyu.

Kuma don Allah kada kwafin ya zauna a saba ɗaya da shafin. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin OVH, kamfanin ajiye shafuka, a Strasbourg ta Faransa, wasu suka rasa shafi da kwafi lokaci guda saboda duk wuri ɗaya suke.

Na san za a ce sabuntawa takan lalata shafi, gaskiya ne, takan yi. Sai a ɗauki kwafi kafin a danna Update. Yau ɗin nan ka tambayi yaron naka ina kwafin yake, ka ce ya mayar da shi a shafin gwaji kana kallo.