An ce ƙanena bai iya AWP ba, ni kuma ina kallon lambar da ke saman allo

Daren Asabar da ta wuce na ja ƙanena daga gida zuwa cikin tawagarmu ta wasan harbi na Counter-Strike, mu biyar, huɗu a nan ƙasar da nake zaune, shi kaɗai daga can. A zagaye na biyar ya tara kuɗi ya sayi AWP, bindigar harbin nesa, ya je ya tsare wata doguwar hanya, ya kafa sikof, wato madubin saitin bindigar, a bakin kusurwa yana jira. Mutum ya leƙo, ƙanena ya faɗi. Aka sake, ya sake faɗuwa. A karo na uku sai ɗaya daga cikin abokan wasana ya ce a lasifika, kowa na ji, wai ya daina ɓarnatar da kuɗin tawaga, ya bar bindigar ga waɗanda suka iya. Ƙanena bai tanka masa ba. Ni ya yi wa magana da Hausa, a hankali: "Yaya, wallahi na harba. Na ji ƙarar bindigata."

Na yarda da shi, domin ina ganin lambar ping ɗinsa, wato milisakan da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo: 160. Tawa 14.

Ku da kuke gida kun san wannan lambar, ba sai na bayyana muku ba. Abin da ba lallai kun gani ba shi ne yadda ake wasa a nan. Wanda ya yi maganar nan na taɓa shiga ɗakinsa. Intanet ɗinsa ta waya ce da aka ja har gindin tebur, ba ya yarda da ta iska. Allonsa yana sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa, wato kusan kowane milisakan 4, alhali allo na gama-gari mai 60 sai bayan kusan 17. Sabar wasan kuwa, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, kamar a bayan gidansa take. Ran da ping ɗinsa ya kai 30 sai ya tashi ya kashe na'ura ya kunna, yana ƙorafi. Mutumin da ya taso a haka, in ya ga an kashe maharbi a kusurwarsa, dalili ɗaya yake iya gani: hannu ya yi nauyi.

Ga lissafin da bai taɓa buƙatar yi ba. Mai leƙowa yana ganin mai tsaro nan take, tunda mai tsaro a tsaye yake wuri guda. Shi kuwa mai tsaro sai labarin motsin ya je saba, ya dawo gare shi, sannan ya gani. In ya harba, harbin ma sai ya yi tafiya zuwa saba. Idan aka cire abin da ya yi daidai a ɓangarorin biyu, abin da ya rage a wuyan mai tsaro shi ne ping ɗinsa gaba ɗaya, zuwa da dawowa. A ce mai leƙowa yana ɗaukar milisakan 250 kafin ya gani ya danna. Ni da 14, ina da kusan 236 in riga shi. Ƙanena da 160, saura 90 kawai. Babu ɗan Adam ɗin da zai ga abu ya danna cikin 90. Ya harba da gaske, bindigarsa ta yi ƙara a kunnensa, amma kafin saƙon ya isa saba ta riga ta rubuta shi a matattu.

Kuma AWP bindigar tsaron kusurwa ce. Harsashinta ba ya tafiya, inda ka danna nan ya sauka a take. Sikof ɗinta ba ya rawa in kana tsaye. Ɓarnarta 115 ce a kan rai 100, don haka kai, ƙirji ko ciki duk harbi ɗaya ne, ƙafa ce kawai ke tsira. Duk abin da ke raba mai rai da gawa an matse shi cikin ƙiftawar ido guda, daidai wurin da nisan saba ya fi cizo.

Ba zan ce ba a yi mata linzami ba. Kuɗinta 4750 ne a kuɗin wasan, ladan kisa da ita 100 kacal, a 2015 an rage saurin tafiya in sikof na buɗe, a 2022 aka mayar da harsasanta 5 daga 10. Tsakanin mutum biyu masu ping 14, wannan tsari ne mai kyau, na amince. Na kuma san su ma suna da nasu kukan: mai babban ping yakan harbe su bayan sun riga sun shige bayan bango, saboda saba tana komawa baya ta duba abin da shi ya gani. Amma wannan sau nawa yake faruwa a wasa guda? Namu kuwa kowane zagaye ne.

Shi ya sa na fi ganin adalci a tsarin wasan PUBG, wanda da shi muka saba a gida. Ɗauki bindigar Kar98k. Harsashinta yana fita da gudun kimanin mita 760 a daƙiƙa. Mutum yana gudu a gicciye a nisan mita 300, harsashi zai ɗauki wajen milisakan 400 kafin ya isa, shi kuma a wannan lokacin ya matsa fiye da mita 2. Dole ka harba inda zai je, ka kuma ɗaga bakin bindiga kaɗan saboda harsashi yana sauka. Sikof yana lilo da numfashinka, sai ka riƙe numfashi ya tsaya, kuma riƙon ba ya daɗewa. In ka yi jinkiri lilon ya dawo. Ko ka same shi a ka, idan yana sanye da hular kwano mai mataki na 3 kuma ransa cike, ba zai faɗi ba. Bindigar AWM ce ke fasa wannan hular da harbi ɗaya, ita kuma sai a akwatin da jirgi ke jefowa, inda kowa ya zuba ido. In ma ya faɗi a wasan tawaga, ɗan'uwansa na iya tashinsa.

A irin wannan harbi abin da ake gwadawa shi ne kiyasin nisa, karanta tafiyar mutum, da haƙurin jiran lokacin da zai tsaya shan magani. Milisakan 160 ba su ɓace ba, a faɗan kusa suna nan suna cutarwa, amma a harbin nesa sun zama ƙaramin kaso na aikin. Na ga ƙanena, a kan wannan intanet ɗin dai, ya sauke mutum daga kan babur yana tsakar gudu. Wannan yaron ne aka ce bai iya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ni ma shiru na yi. Na san lissafin nan tun a lokacin, na san da na ce masa ya daina tsaro ya riƙa leƙawa shi da kansa, da ping ɗinsa bai cuce shi haka ba. Ban faɗa ba, ban kuma kare shi ba, don kada a ce ina kawo uzuri. Shekara huɗu ke nan rabona da gida, kuma wasan nan ne kaɗai wurin da muke yin awa biyu muna hira ba tare da an tambayi yaushe zan dawo ba. Da aka tashi ya rubuto mini cewa in ci gaba da wasa da abokaina, shi ba ya son ya riƙa ja mini baya. Na ce masa Asabar mai zuwa PUBG za mu shiga, mu biyu, kuma Kar98k ta farko da muka tsinta tasa ce. Har yanzu bai amsa ba.