In an turo maka jadawali an ce "gyara min wannan", me za ka ɗauka ana nufi?

Duk wanda aka san yana da hannu a Excel, a ofis ne ko a shagon buga takardu, ya saba da irin wannan saƙo. Fayil ya faɗo ta WhatsApp, a ƙarƙashinsa kalma uku: "Gyara min wannan." Babu bayani, ka kira kuma waya a kashe.

Masu taimako sun kasu biyu a nan. Wani zai mayar da tambaya ko fayil ɗin bai buɗe ba: "Me zan gyara?" Wani kuma zai zage damtse ya sake fasalin komai, ya canza launi, ya jera sunaye daga A zuwa Z, ya goge duk abin da ya ga kamar an maimaita. A ganina duka biyun sun kauce. Abin da ya kamata a fara ɗauka shi ne mai fayil ɗin yana ganin matsalar a fili take, shi ya sa bai tsaya bayani ba. Akwai abin da ya tokare masa ido, kuma yana zaton kai ma kana buɗewa za ka gani. Aikinka na farko ke nan: nemo wannan abin.

A ce akawun wata makarantar kuɗi ne ya turo jadawalin albashin ma'aikata 40, ana jibi biya. Sunaye suna A, lambar asusun banki B, albashi C, abin da ake cirewa na rance D, abin da zai shiga hannu E. Mutane sun fara daga layi na 2 zuwa na 41, jimla tana E42. Kana buɗewa sai ka ga #VALUE! a E17, ka sake ganinsa a E42. Ba sai an faɗa maka ba, wannan ne ya hana shi barci. Ka leƙa C17, ka tarar an rubuta N85,000 da harafin N a gaba. Excel ya ɗauke shi rubutu, ba lamba ba, don haka ya kasa cire rance daga ciki, kuskuren kuma ya gangaro ya ɓata jimla. Ka sake shigar da 85000 zalla, alamun biyu su ɓace, jimla ta fito 2,960,000.

Da yawa a nan suke rufe fayil su mayar, kuma nan ne haɗarin yake. Ɗazu jadawalin yana nuna cewa ba shi da lafiya, yanzu ya yi tsaf, akawu zai amince da lambar da ya gani. To danna E42 ka karanta abin da ke ciki:

```
=SUM(E2:E38)
```

Lissafin ya tsaya a layi na 38. Mutum uku na ƙasa, da alama sabbin ɗauka ne, kowanne 60,000, ba su shiga ba. Da su, jimlar 3,140,000 ce. Wanda ya ce "gyara" ba goge alamar kuskure kawai yake so ba, so yake lambar da zai kai wa mai makaranta ta zama gaskiya. Saboda haka bin fomular da ta haifi jimla yana cikin aikin, ko ba a ambata ba. Kada kuma a ɗauka sai ƙananan akawu irin wannan ke samu. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya gano cewa a jadawalin wani bincike kan bashin ƙasashe da masana biyu na Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar a 2010, fomular ta bar ƙasashe biyar a waje. Babu alama irin #VALUE! da ta fito a allo.

Inda nake so a ja layi shi ne tsakanin fomula da abin da mutum ya shigar da hannunsa. Fomula tana da hujjarta a cikin fayil, kana iya ganin inda ta karkace. Amma suna da albashi da lambar asusu, gaskiyarsu tana waje, a takardar ɗaukar aiki ko a kan akawu. Ka ga mutum biyar lambar asusunsu tara ce, alhali lambar asusun banki a Najeriya goma ce. Kusan tabbas sifilin farko ne Excel ya haɗiye, kamar yadda yake yi wa lambar waya mai farawa da 080 in ba a mayar da gurbin Text ba kafin a rubuta. Amma "kusan tabbas" bai isa a tura albashin mutum a kansa ba, domin mai yiwuwa wata lambar ce ta tsakiya aka tsallake. Ka shafa musu launi, ka bar su yadda suke. Haka in ka ga suna ɗaya sau biyu. A ƙasar da makaranta guda za ta iya tara masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya har uku, danna Remove Duplicates a kan sunaye na iya hana wani bawan Allah albashinsa. Wanda aka rubuta wa 850,000 alhali sa'o'insa na karɓar 85,000, wataƙila sifili ne ya yi yawa, wataƙila kuma bashin watanni ake biyansa. Tambaya ake yi.

Duk wannan kuwa a kan kwafi ake yinsa. Save As tukuna, na asali ya zauna yadda ya zo.

Masu cewa a fara da tambaya suna da hujja: ɓata lokaci ne ka gyara abin da ba shi ake nufi ba. Gaskiya ne. Sai dai "me zan gyara?" tana mayar wa mutum nauyin da ya kasa ɗauka tun farko. Da ya san sunan matsalar, da wataƙila ya warware ta da kansa. Wanda ya kai mota gareji ya ce "duba min ita", ba ya jiran makanike ya tambaye shi sunan abin da ya lalace kafin ya ɗaga bonet. Minti biyar na dubawa kan mayar da tambaya maras kai ta zama wadda ake amsawa da e ko a'a.

Saƙon da zai raka fayil ɗin ya zama gajere, kamar haka: "Malam, na gyara C17, harafin N ne ya hana lissafi. Jimla ta bar mutum ukun ƙarshe, na shigar da su, ta tashi daga 2,960,000 zuwa 3,140,000. In daga wani asusun ake biyansu, faɗa min in mayar. Lambobin asusu biyar da na sa wa ruwan ɗorawa tara-tara ne, ban taɓa su ba, a duba kafin a tura banki." Lura da maganar mutum ukun. Mai yiwuwa da gangan aka ware su, shi ya sa aka nuna masa lambar dā da ta yanzu.

Akwai lokacin da tambaya ce kaɗai mafita. Ka buɗe, babu alamar kuskure, fomula duk sun kai inda ya kamata, jimla ta yi daidai da abin da ka lissafa a gefe. To abin da ke damunsa ba ya cikin fayil ɗin. Ko dai jimlar ta saɓa da wata lamba da ke hannunsa, ko takardar tana yankewa wurin bugawa, ko banki ya ƙi karɓar tsarin. A nan kada ka ƙirƙiro aiki don a ga ka yi wani abu. Ka gaya masa abin da ka duba ka samu lafiya, sannan ka tambaye shi wace lamba yake sa ran gani a E42, kuma ina zai kai takardar.