Surukin Gida da Ƙyauren Ƙarfe

Kun dai san bikin ƙanwar uwargida da muka je. Maza aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure, ni aka kai ni can ƙuryar bango wai don girmamawa, Kawu kuma ya miƙe a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Bayan sallar isha'i na sha shayi kofi babba, na bi da fura saboda kada a ce na raina abin gidan surukai, yajin tsire kuma ya sa na kora da fiya wata leda biyu.

Tashin farko lafiya lau. Na tsallake mutane, na ja ƙyauren nan na ƙarfe, ya yi ƙara, wani ya yi tsaki, shi ke nan. Na biyu ma an yi haƙuri. A na uku ne batirin wayata ya mutu, sai na shiga laluben hanya a duhu da yatsun ƙafa. Na wuce ango, na wuce direbanmu, na ɗaga ƙafa zan haye Kawu, ashe ya juya. Dunduniyata ta sauka a kan ƙwaurinsa. Ya zabura yana salati, ni kuma garin ja da baya na yi fatali da butoci da ke jere a bango, ɗaya ta tuntsire a kan tabarmar wani baƙo. Sai ga tocila a fuskata.

"Wane ne? Ɓarawo ne?"

Na ce, "Ni ne, Kawu, Allah ya ba ka haƙuri."

Bai sauke tocilar ba. Ya haska fuskata, ya gangara zuwa singiletina, ya tsaya a kan hannuna da ke riƙe da mazagin wando. Zaure duka an tashi zaune, har da yaran da ke kirana Baba. Sannan ya ce, da muryar da na tabbata ta kai ɗakin surukata, "Kai ɗan nan, kai ne tun ɗazu? Ko a kawo maka fo irin na yara ne?"

Shekarata hamsin da ɗoriya. 'Yata ta fari tana jami'a. Baƙon da buta ta jiƙa kuwa sai shafa tabarma yake yana sansana hannu, yana dubana. Na rantse masa ruwan alwala ne. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau yana cina. Ga shi kuma dole na fita, don abin da ya tashe ni bai fasa ba, na ja ƙyauren a gaban kowa, ya yi kukansa har ƙarshe.

Da muka dawo na je wurin mutumina likita, wanda muka yi firamare tare. Sai da ya gama dariya, ya share hawaye, sannan ya ce tashi sau ɗaya a dare ba abin damuwa ba ne ga mai shekaruna, amma daga biyu zuwa sama, in ya zama kullum, a duba. Na ce ai a gida ma haka nake, kuma na riga na san furostat ce, tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsara mai kumbura wa maza in girma ya zo. Ya ce, "Alhaji, kai ne likitan ko ni?" Ya tambaya ko fitsarin na fita da ƙarfi, ko sai na yi nishi, ko yana ɗiga bayan na gama. Na ce ƙalau yake fita, kuma da yawa. Ya ce to a nan zancen yake. Wanda furostat ko mafitsara ke damu yakan tashi ya yi ɗan kaɗan, ya koma, ya sake tashi. Wanda kuwa duk tashi sai ya juye mai yawa, ƙodarsa ce ke haɗa fitsari da daddare fiye da kima, sai a nemi inda ruwan ke fitowa.

Ya ba ni aiki: kwana uku in riƙa auna duk fitsarin da na yi da kofin awo, in rubuta lokaci da yawansa, da duk abin da na sha. Na dare ana lissafa shi daga bayan na kwanta, har da na farkon tashi da asuba. Uwargida ta ga kofin a bayi, ta ɗauke nata na awon fulawa ta kulle a kwaba ba ta ce da ni komai ba.

Lissafi ya fito haka: a yini da kwana ina yin wajen mililita 2,400, na dare kaɗai 1,100. Ya ce ga manya bai kamata na dare ya wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wato 800 a nawa. Mafitsara kuma abin da take riƙewa bai fi 400 zuwa 500 ba, kusan leda ɗaya ta fiya wata. Ya ce in raba da kaina in ga sau nawa dole ta tashe ni. Da ya duba takardar shan ruwa sai ya ga da rana a shago kusan ba na sha, sai bayan magariba nake ramawa, ga shayi da ke ƙara tura fitsari. Ya kuma danna ƙwaurina da yatsa, wurin ya loɓa. Ashe zaman shago ƙafa a ƙasa tun safe yana tara ruwa a ƙafafu, da na kwanta sai ya koma cikin jini, ƙoda ta tace shi. Wani nau'in maganin hawan jini ma yana kumbura ƙafa, wani kuma fitsari yake sawa, amma ya ja kunnena kada in daina ko in canza lokacin shan nawa sai da saninsa.

Abin da ya tsara mini: in mai da yawancin ruwana safe da rana, in taƙaita sha awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, shayi ya tsaya daga la'asar, a rage gishiri da magi a miyar dare, in kishingiɗa in ɗora ƙafa a kan matashi kamar awa ɗaya da yamma, sannan in zaga kafin in hau gado. Ya gwada suga da safe kafin in karya, ya kuma gwada fitsarin, duka lafiya. Ya ce da ina fama da ƙishirwa mai tsanani da rama, ba zai jira kwana ukun nan ba, don haka ciwon suga ke sallama. Haka in na ga jini a fitsari ko sau ɗaya, ko zafi da zazzaɓi, ko kumburin ƙafa da haki, in zo ranar. In kuwa fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, mara ta cika, asibiti ko ƙarfe nawa ne.

Har zan fita ya tambaya ko ina minshari, wai mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa a barci shi ma fitsarin dare na damunsa. Ni ba na yi. Amma kun san wanda ke yi. Mutumin da minsharinsa ya hana zaure barci, ya yi shiru har ka ɗauka a kira liman, sannan ya ja da ƙarfi. Yanzu ne na gane dalilin da ya sa shekara da shekaru ba ya yarda kowa ya kwana a bakin ƙofa sai shi. Direbanmu ya ce shi ma ya ji fitarsa ba sau ɗaya ba, sai dai shi ya san yadda ake ɗaga ƙyauren kada ya yi ƙara, kuma bai koya wa kowa ba.

Yanzu dai sau ɗaya nake tashi, wani daren ma sai kiran assalatu. Mai shayin bakin layinmu ne ke fushi da ni, wai na koma wurin wani. Uwargida ta ce in kira Kawu in gaya masa ya je a duba shi. Zan kira, amma ba wannan makon ba.