Ku daina cewa wauta ce

Tun jiya nake ganin abin da kuke rubutawa kan maganar Gwaggo, wadda wani ɗan damfara ya kira a waya da sunan daga banki yake, ya kwashe mata kuɗi a asusu. Wai "ai kwaɗayi ne", wai "wa ake yi wa irin wannan a zamanin nan". To sannunku malaman wayo, Allah ya ƙara basira. Matar da ta yi shekara ashirin da wani abu tana sayar da atamfa a Kasuwar Barci, wadda ko a duhu ka miƙa mata jabun dubu ɗaya sai yatsunta sun gane, ita ce yau ta zama wawuya a bakinku.

Ba wauta ba ce. Mutumin nan bai fi ta wayo ba, hana ta tunani ya yi, kuma da shirinsa ya zo.

Ku dubi lokacin da ya kira: ranar Juma'a, ƙarfe uku da rabi, banki na tashi ƙarfe huɗu, kuma ba a sake buɗewa sai Litinin. Ya ce BVN ɗinta ya samu matsala, in ba a gyara kafin a tashi ba za a rufe asusun. A cikin asusun nan akwai naira 640,000, kuɗin adashin mata goma sha biyu da take riƙewa, kwasa kuma ranar Lahadi. Wanda aka ba minti talatin ya ceci amanar mutane ba ya tsayawa tambayar wa ke magana, abin da ke kansa kawai shi ne me zai gaya wa masu kuɗin.

Kafin ya tsorata ta ma sai da ya fasa mata kai. Ya kira cikakken sunanta, Hajiya kaza, ranki ya daɗe. Wai tana cikin manyan masu ajiyar da manaja ya ce a kira su da baki, sauran mutane sai dai su wayi gari su ga an rufe. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi yara, har da Juma'a mai albarka. Mu da aka raina da kunya, yaya za ka ce wa mai girmama ka haka "ban yarda da kai ba"? Nauyinsa ta ji, shi kuwa nauyin nan yake nema.

Amma inda ya gama da ita shi ne sirri. Ya ce kada ta kashe waya, kada ta gaya wa kowa, ko ma'aikacin banki, domin wai a cikinsu ake zargin ɓarayin. Ɗanta yana shagon a zaune. Yaro ne da ya gama jami'a, kalma ɗaya zai ji ya fizge wayar. Sai mutumin ya ce akwai hayaniya, ta koma inda ba kowa. Ta tashi ta shige bayan shago, tsakanin dilolin kaya, ta karanta masa lamba 16 da ke fuskar katin, da ranar ƙarewarsa, da lamba 3 na baya. Saƙon OTP ya shigo, a jikinsa an rubuta kada a ba kowa, ya ce kada ta tsaya karatu lokaci na tafiya, lambobin kawai. Sau uku ta karanta masa, sau uku kuɗi suka fita. Da ta ga saƙon cirewa na farko ya ce ai ana mayar da su sabon asusu ne mai tsaro.

Na san wani zai ce ai bankuna kullum suna sanarwa ba sa tambayar PIN ko OTP. Eh, ita ma ta sani, ta sha gaya wa wasu. Sanin da ka yi a zaune kana shan shayi daban yake da wanda za ka tuna ana kirga maka mintoci a kunne. Masu cewa kwaɗayi kuwa, me aka ce za a ba ta? Ko sisi. Kare na mutane ta je yi.

Wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne sai daren Asabar ta iya faɗa. Kwana guda cur tana ɓoyewa, lokacin da ya kamata a ce an kira banki an toshe katin an kai ƙorafi tun kuɗin ba su yi nisa ba. Tsoron irin dariyar da kuke yi yanzu ne ya rufe mata baki. Shi ya ce ta yi shiru na rabin awa, ku kuka ƙara masa kwana ɗaya kyauta.

Af, kuna ta tambayar ina ya samu sunanta da lambarta. Shekaranjiya na sayi ƙosai a Tudun Wada, takardar da aka naɗe mini kwafin katin NIN ɗin wani bawan Allah ce, da hotonsa da komai, mai ya jiƙa rabin fuskar. Masu shagon kwafi, don Allah in takarda ta lalace ku riƙa yagawa, ba a ba mai ƙosai ba.