Hamlar Umra daga Baɗha: mai karɓar kuɗi daban, mai mota daban

Duk Bahaushen da ke zaune a Riyad ya san ƙananan ofisoshin nan na unguwar Baɗha da ke shirya hamlar Umra, wato tafiyar Umra ta ayari, ta ƙarshen mako: a tashi ranar Alhamis, a yi Juma'a a Makka, a dawo bakin aiki ranar Lahadi. Maganata a kan ɗaya daga cikinsu take, wanda mutanenmu suka fi zuwa saboda akwai mai jin Hausa a bakin tebur. Ba zan kama suna ba, don halinsa shi ne halin mafi yawan maƙwabtansa, duk kanwar ja ce.

In fara da adalci. Kuɗinsu da sauƙi, a dunƙule ake biyan kujera da gadon kwana, suna tsayawa a miƙati, kuma ba sa tsangwamar mutum a kan jarkar zamzam a dawowa. Ga ma'aikacin da albashinsa bai kai ya kawo ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai abu ɗaya da in ba ka gane shi ba, za ka yi ta faɗa da wanda bai da laifi: ofishin ba shi da mota ko ɗaya. Dillali ne. Yana sayar da kujeru, ya yi hayar bas daga wani kamfanin sufuri, ya kama ɗakuna a wani otal ta hannun wakilinsa na Makka, wanda ake ce wa mandubi. Hannu uku ke nan, kuma kusan duk matsalar da fasinja ke gamuwa da ita a tsakanin hannayen nan take faɗawa.

Ɗauki maganar lokaci. An rubuta maka za a tashi ƙarfe huɗu na yamma. Daga Riyad zuwa Makka kusan kilomita 870 ne ta babbar hanya mai lamba 40, a wuce Muzahimiyya, Ƙuwai'iyya, Zalim da Muwaih, a gefen Ɗa'if a karya zuwa Sailul Kabir, wato miƙatin Ƙarnul Manazil. Iyakar gudun bas a irin wannan hanya kilomita 100 ne a awa, to ko da ba a tsaya ko'ina ba, tuƙi zalla ya doshi awa tara, a zahiri ma goma. Ƙara tsayawa biyu ta salla da abinci, ƙara awa guda a miƙati don wanka da ɗaura harami, ka samu awa goma sha biyu. Wanda ya tashi ƙarfe huɗu zai shiga Makka wajen huɗu na dare, ya ajiye jaka, ya samu asuba a Harami, ya yi ɗawafi da sa'ayi da sanyin safiya.

To amma motar ba ta tashi ƙarfe huɗu. Dalilin ba cunkoson hanya ba ne, lissafi ne. Ofishin ya biya hayar bas sukutum, mai kujera 49 a galibi, ko ta cika ko ba ta cika ba. In ya sayar da 31 kawai, sai ya buga wa ofisoshi biyu na gefe su haɗa fasinjojinsu, motar ta yi ta zagayen ɗauko mutane, ku kuwa kuna zaune ana ce muku "yanzu-yanzu". Sai bayan magariba a kama hanya. Awa ukun nan da aka ci a Baɗha ba a Baɗha ake biyansu ba, a Makka ake biya: asuba ta same ku a hanya, ku isa rana ta fito, ku yi Umra da gajiya a ranar da Harami ya fi cika, tsoho ya gama sa'ayi ƙafa ta kumbura ga Juma'a ta matso. Tambayar da ke tona wannan asiri guda ce, a yi ta tun kafin a biya: "Malam, motar taku ce ku kaɗai, ko haɗaka za a yi? Mece ce lambarta?" In da safiyar Alhamis ba su iya faɗin sunan kamfanin motar ba, to ba su kama ta ba tukuna.

Wannan lattin kuma shi ne ƙofar haɗari, nan ne nake son a tsaya a saurara. Ƙa'idar Hukumar Sufuri ta Saudiyya ita ce direba kada ya wuce awa tara yana tuƙi a cikin awa ashirin da huɗu, ana iya kai shi goma sau biyu a mako, kuma bayan awa huɗu da rabi ya huta minti 45. Auna wannan da lissafin da muka yi a sama, za ka ga direba ɗaya ba zai kai ku Makka cikin ƙa'ida ba, balle wanda ya shafe awa uku yana zagayen unguwanni kafin ya fita gari. Dole direbobi biyu. Kuma a duba da kyau, don akwai dabarar zaunar da wani a kujerar gefen direba a ce shi ne na biyu, alhali ɗan rakiyar ofis ne mai riƙe da jerin sunaye. Gane shi ba wuya: in an tashi daga zangon farko wanda ya fito da ku daga Riyad ne ya koma kan sitiyari, haka a zango na biyu, to direbanku ɗaya ne. Tsakanin Zalim da Muwaih hanya ce miƙaƙƙiya, dare ya raba, kowa ya yi barci, a nan gyangyaɗi ke kama mutum. Alamarsa motar ta riƙa jan gefe tana taka layin bakin titi ka ji gurrr, sannan a fizgo ta, ko gudu ya riƙa hawa da sauka ba dalili. Wanda ya ga haka ya tashi ya je gaba ya yi magana, ba rashin kunya ba ne. In direba ya ƙi tsayawa, 996 ce lambar jami'an tsaron manyan hanyoyi.

Sai ita motar. Minti biyar kafin hawa ya isa a zagaya ta. A jikin kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT ya ƙare da lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Taya na iya samun zane mai zurfi amma ta tsufa, roba ta bushe, ka ga ƙananan tsage-tsage a gefe, kuma irinta ce ke fashewa a kwaltar bazara. Tayoyin gaba aka fi dubawa, don in ta baya ta fashe akwai 'yar uwarta, ta gaba kuwa ita kaɗai ce kuma ita ke riƙe da sitiyari. A ciki a duba ko bel ɗin kujera na kamawa, ko gudumomin fasa gilashi na nan a maƙale (yawanci gurbinsu kawai ake tararwa), ko tukunyar kashe gobara na nan, sannan ƙofar tsakiya ba a toshe ta da jakunkuna da jarkoki ba. Wannan na ƙarshen laifinmu ne mu fasinjoji, mu muke jibga kaya a kan matakala. Haɗarin da aka yi kusa da Madina a watan Oktoban 2019, wanda mutum 35 suka rasu, da na gangaren Sha'ar a yankin Asir a watan Maris na 2023, wanda ya ci 'yan Umra sama da ashirin, duka biyun motar wuta ta kama. Allah ya jiƙansu. A irin wannan hali ƙofa da guduma su ne tsira.

Daga Sail zuwa Makka gangare ne, don Ɗa'if a kan tudu take. Direban ƙwarai da ƙaramin giya da birkin inji yake sauka. In kun ji ƙaurin birki ya cika mota, ƙafa ya ɗora a kai tun daga sama, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa.

Yadda ake mu'amala da mutane kuwa, gaskiya da sauran gyara. Al'ada ce iyali su zauna gaba, gwauraye a baya, ba wanda ya ƙi wannan. Abin da ba daidai ba shi ne mutum ya biya tun Litinin, ya zo da matarsa, a tura su can ƙurya kusa da bayan gida don abokan ofishin haɗaka sun riga sun kama gaba. Kuma an san su wa ake yawan yi wa haka, ana ganin ba za mu ɗaga murya ba. Maganinsa lambar kujera a rubuce a jikin rasit. Haka "kusa da Harami": kan titin Ibrahim Khalil ma kusa ne, can ƙarshen Misfala ma kusa ake cewa, Aziziyya ma haka, alhali wannan sai an hau mota. A rubuta sunan otal, a duba shi a taswirar waya a gaban mai ofis, a tambaya mutum nawa ne a ɗaki.

Maido da kuɗi shi ne inda ofishin ya fi faɗuwa. Mu ƙaddara wata baiwar Allah ta biya riyal 150 ranar Talata, ranar Laraba uwar ɗakinta ta hana ta fita. Ta buga waya, aka ce ba komai Hajiya, mun ɗaga miki zuwa mako mai zuwa. Mako ya zo aka ce mota ta cika, na gaba kuma kuɗi ya tashi sai ta yi ciko. Ba a taɓa ce mata ba za a biya ba, ana dai jan ta har ta gaji. Kujerar da ta bari kuwa tuni an sayar wa wani. Abin da ya karya ta tun farko shi ne ta tura kuɗin asusun yaron ofis, shaidarta kawai saƙon murya. Da ta biya da katin banki na mada a na'urar ofishin, ta karɓi fatura, wato rasit, mai sunan kamfani da lambar rajistarsa, an kuma rubuta sharaɗin fasawa ko da da biro ne a buga hatimi, da tana da abin riƙewa. Ƙorafin kuɗi da yaudara Ma'aikatar Kasuwanci ake kai wa a 1900, na mota da direba Hukumar Sufuri a 19929, na otal Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido a 930. Sai dai kowace za ta tambayi sunan kamfani da lambar mota, shi ya sa hoton lambar bas da na tambarin da ke jikinta ya fi kowane hoton tafiya amfani. In ofishin ne da kansa ya fasa tafiya, kada a karɓi ɗagawa, a tsaya a karɓi kuɗi a wurin, tun jama'a ba su watse ba.

Hukuncina: namiji mai lafiya, shi kaɗai, wanda ya ga direbobi biyu da idonsa ya riƙe rasit, zai iya bin su, arahar ta biya wahalar. Mai tafiya da tsohuwa ko ƙananan yara gara ya raba hannayen nan uku da kansa: ya sayi tikiti a kamfanonin da ke da lasisin zirga-zirga tsakanin birane tun Oktoban 2023, masu tashi daga tasha a kan lokacin da aka buga ko mota ba ta cika ba, ya tabbatar tafiyar da ya zaɓa tana tsayawa a miƙati, ya kama otal ɗinsa daban. Zai ƙara kuɗi, amma in an saɓa masa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.