Manhajar rabon gado ba ta tambaye ka mazhabarka ba

Kwana uku bayan rasuwar wata baiwar Allah 'yar kasuwa a unguwarmu nan Maradi, ina zaune a zauren makoki sai na ga wani saurayi ya zaro waya yana latsawa, mutane sun kewaye shi. Wai gado yake rabawa. Da ya gama sai ya dubi ƙannen marigayiyar biyu, waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da ita, ya ce musu: “Baba, ku yi haƙuri, ba ku da komai.” Na ga yadda fuskar ɗayansu ta canza, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Yaron bai yi ƙarya ba, manhajar ma ba ta kuskure lissafi ba. Ta amsa ne bisa mazhabar da ba ita alƙalai da malamanmu suke bi ba.

Marigayiyar ba ta haihu ba, mahaifinta ya riga ta rasuwa. Ta bar miji, da mahaifiya, da 'yan'uwa biyu da suka haɗa uwa kawai, wato li'ummai, da shaƙiƙai maza biyu. A ce abin da ya rage bayan likkafani da biyan bashi da wasiyya miliyan 6 ne na sefa. Miji yana da rabi, miliyan 3. Uwa tana da sudusi, miliyan 1. Li'ummai suna da sulusi, miliyan 2. Dukiya ta ƙare ke nan, shaƙiƙai kuwa asaba ne, masu jiran abin da ya saura. A nan Hanafiyya da Hambaliyya suka tsaya, manhajar yaron ma ta tsaya tare da su.

Malikiyya da Shafi'iyya ba su tsaya nan ba. Sun ce ai shaƙiƙan nan ma uwarsu ɗaya da mamaciyar, don haka su shiga cikin sulusin a raba daidai. Miliyan 2 tsakanin mutum huɗu, kowa jika 500. Ita ce mas'alar da malaman fara'ili, wato ilimin rabon gado, suke kira Mushtaraka, tana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan garin nan. Da an bi wayar, da an hana mutum biyu miliyan guda, an kuma shuka gaba tsakanin 'yan ciki ɗaya.

Wani zai ce to a sauya mazhaba a cikin manhajar mana. Idan tana da wurin sauyawa, madalla, wasu ma ba su da shi. Amma ko an sauya, akwai tarkon da harshenmu yake ɗana mana. Bahaushe “wana” ko “ƙanena” yake cewa, ba ya rarrabewa. Da a ce ƙannen nan biyu 'yan uba ne, to ko a Malikiyya ba su da komai a wannan rabon, tun da ba su haɗa uwa da ita ba. Manhaja ba ta san gidan ba, abin da aka latsa mata shi take ɗauka. Ba za ta ji raɗe-raɗin cewa akwai juna biyu ba, alhali a mazhabarmu ana dakatar da rabo har a haihu idan abin da ke cikin zai iya zama magaji.

A zakka ma haka ne. Manhajar da aka gina kan Hanafiyya za ta lissafa zinariyar da mace take ado da ita, Malikiyya kuwa ba ta ɗora mata zakka. Sannan a duba nisabin da ta ɗauka, na zinariya giram 85 ne ko na azurfa giram 595, domin tazararsu a kuɗi ba kaɗan ba ce.

Ban ce a jefar da manhajojin ba, ni ma ina amfani da su, sun fi ni saurin kasafi. Abin da nake ƙi shi ne a miƙa wa malam waya a ce “Allah gafarta Malam, haka ne?” Wannan neman sa hannu ne. A je masa da takarda, an rubuta kowane dangi na kusa da yake raye ranar rasuwar, har wanda ake zaton ba ya gado, da yadda ya haɗu da mamacin, ta uwa ko ta uba ko duka. A rubuta bashi, har ragowar sadaki idan akwai, da wasiyya. A bar shi ya yi nasa lissafin tukuna kafin a buɗe wayar. Idan sun saɓa, a tambaye shi wane magaji ne ya kawo saɓanin, kuma wa ya katange wa. Malamin ma a nemi wanda ya karanci fara'ili, domin ba duk mai wa'azi ne ya iya shi ba.

Haka aka yi a gidan marigayiyar bayan sadakar bakwai. Malamin ya zana gida shida a takarda, ya ga sulusi ba ya rabuwa ga mutum huɗu, ya mayar da su goma sha biyu: miji shida, uwa biyu, 'yan'uwan huɗu kowa ɗaya.