Ofishin kai ƙarar gwamnati kyauta, da wata sha biyun da ke cinye mutane

Jiya a majalisarmu wani yake ta kuka wai wata ma'aikata ta riƙe masa haƙƙinsa shekara biyu, na ce ka je Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a kuwa? Sai ya ce wace ce kuma haka. Wallahi abin ya ban haushi, ba shi na ji wa haushi ba, don mu nan da yawanmu ba mu san da ita ba, alhali tun 1975 take, zamanin Janar Murtala aka kafa ta da doka mai lamba 31, kuma marigayi Ɗan Masanin Kano Maitama Sule ne ya fara shugabantar ta. A allon ofishinsu za ka ga an rubuta Public Complaints Commission, ko PCC a taƙaice, suna da ofis a kowace jiha da Abuja. Irin wannan ofis shi Turawa ke kira ombudsman, Suwidin ce ta fara kafa shi a 1809, aikinsa idan ma'aikatar gwamnati ta zalunci mutum ko ta yi ta ja masa rai ya kai kuka, su bincika, ba ka biyan ko sisi, ba ka buƙatar lauya. Har kamfanoni masu rajista suna iya bincika.

Ni ta dalilin baffana na san su. Direba ne a wata ma'aikata, ya yi shekara 35 ya yi ritaya, da aka zo lissafin giratuti sai aka yi masa a mataki na 6 alhali shekara uku kafin ya bar aiki an ƙara masa girma zuwa mataki na 7, takardar tana nan a jakarsa cikin leda. Ya yi wata takwas yana sintiri, yau oga ya tafi taro, gobe fayil yana wajen odita, jibi a ce Baba ka ƙara haƙuri ana kai. Shi kuma mutumin kirki, kullum ya dawo ya ce sun karɓe shi hannu bibbiyu har da ruwan sanyi. Na ce Baffa ruwan sanyi ba giratuti ba ne fa.

To ga inda nake so mutane su buɗe kunne. Dokar hukumar ta ce ba za su binciki ƙorafin da aka kawo bayan wata sha biyu da faruwar abin ba. Kuma dokar dai ta ce sai in kwamishina ya gamsu ka bi hanyoyin da ya kamata ka bi tukuna kafin ka zo wajensu. Ka haɗa biyun nan ka gani: an ce ka fara neman haƙƙinka a can inda aka cuce ka, su kuma can ɗin babu abin da suka iya kamar ka dawo gobe, kana ta dawowa gobe lokaci yana tafiya, ranar da ka gaji ka tashi kai ƙara sai a ce maka shekara ta wuce. Mu da aka raina da cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, mu wannan ƙa'ida ta fi kamawa.

Abin da muka yi a kan maganar Baffa, mun zauna mun rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban ma'aikatar, muka sa lambar fayil, ranar ƙarin girma, ranar ritaya, da abin da muke nema a fili wato a sake lissafi a mataki na 7. Muka yi kwafi biyu, muka kai rajista, muka tsaya sai da akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan namu. Wannan kwafin mai hatimi shi ne komai, wata takwas na zirga-zirgar baki babu wanda zai shaide ta, amma hatimi ba ya musu. Muka jira sati huɗu shiru, sannan muka tafi hukumar da wasiƙar ƙorafi, kwafin nan, takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta ritaya, da takardar albashin wata na ƙarshe wadda ta nuna ana biyansa a mataki na 7 ɗin. Duk hoto muka ba su, na asali suna gida, kada ka taɓa rabuwa da na asali.

Aka buɗe fayil aka ba wani jami'in bincike, ya rubuta wa ma'aikatar yana neman bayani. A doka wanda hukumar ta nemi bayani a wajensa kwana talatin gare shi ya amsa. Ba su amsa ba. Ya aika tuni, daga baya ya tashi da kansa ya je ya ce a fito da fayil, shi ne aka gano takardar ƙarin girman ba a taɓa sa ta a fayil ɗin da aka aika sashen fansho ba. Babu wanda ya ci kuɗin, sakaci ne kawai na wani da bai huda takarda ya ɗaure ba, amma da ba wanda ya zo daga waje da ikon cewa a buɗe, haka za a tafi. An gyara lissafi. Kuɗin kuma sai da ya bi layin biya na wasu watanni, nan hukumar ba ta da yadda za ta yi.

Kuma nan ne matsalata da tsarin. Hukumar ba kotu ba ce, shawara take bayarwa: a sake duba maganar, a gyara hukuncin ko a soke shi, a ba da cikakken dalili. In shugaban ma'aikata ya yi kunnen uwar shegu ba za su kwashe masa kujeru ba. Tarar da ke cikin dokar ga wanda ya ƙi ba su bayani naira 500 ce ko ɗaurin wata shida, naira 500 fa jama'a, a 1975 kuɗi ne masu ciwo, yau ko kwanon shinkafa da wake ba za ta saya maka ba. Me ya sa ba a gyara ba? Wani ɓangare na dalilin shi ne sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ɗaure dokar tare da ta bautar ƙasa da ta mallakar filaye, taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. An yi haka ne don kada wani ya tashi rana ɗaya ya rushe ta, sai ga shi kariyar ta zama mari a ƙafa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa ofishin banza ne ba. Yawancin abin da ke damun talaka a ofisoshi ba babbar shari'a ba ce, fayil ne ya kwanta, kuma ma'aikacin gwamnati yana tsoron wasiƙar da dole ya amsa a rubuce ya sa hannu. Sai dai ka san iyakarsu: in maganarka tana gaban kotu ba za su taɓa ba, kuma dole abin ya shafe ka kai da kanka, shi ya sa Baffa ne ya sa hannu ba ni ba, ni ɗan rakiya ne da biyan kuɗin adaidaita.

Mutumin majalisarmu mai shekara biyu na ce masa ya rubuta sabuwar wasiƙa ya karɓi hatimi, ya kwashi takardunsa ya je su da kansu su faɗa masa matsayin maganarsa. Ya ce sai bayan sallah.